An karya maka yarjejeniyar ciniki: yadda ake lissafa diyya, rage asara, da neman kotu ta tilasta cikawa

Tambayar da ta fi zo mini daga 'yan kasuwa iri ɗaya ce, kayan ne kawai ke canzawa. Wani masara aka ƙi kawo masa, wani siminti, wani fuloti ya biya fiye da rabi sannan mai fili ya juya masa baya. Duka suna cewa: “Nawa kotu za ta ba ni, kuma za ta iya tilasta masa ya cika?” Amsar ta fi dogara ga abin da ka yi a makon farko bayan an saɓa, tun kafin ka ga lauya. Shi ya sa na jera matakan bi da bi. Bayanin na kan dokar yarjejeniya da manyan kotunan jihohi da ƙananan kotunan da ke ƙarƙashinsu ke aiki da ita a Nijeriya. Kotun Shari'ar Musulunci tana da nata ƙa'idojin, haka ma kotunan Nijar.

Misali ɗaya za mu bi, kuma alƙaluman na koyarwa ne. Wani mai injin abincin kaji a Kano ya yi ciniki da wani mai hatsi: buhu 500 na masara, kowane a kan ₦45,000, a sauke masa a ƙofar masana'antarsa ranar 15 ga Janairu. Jimilla ₦22,500,000. Ya ba da kafin alƙalami ₦5,000,000. Rana ta zo, mota ba ta zo ba, kuma a ranar ana sayar da buhu ₦52,000 a Dawanau.

Mataki na 1: Tabbatar da irin saɓawar da aka yi

Ɗauko takardar, ko saƙonnin da kuka yi, ka duba abu uku: me aka ce za a kawo, yaushe, kuma me ya rataya a wuyanka kai. Idan sharaɗin shi ne sai ka cika rabin kuɗi kafin a yi lodi kuma ba ka cika ba, to mai hatsi bai saɓa ba tukuna.

Sannan ka auna girman saɓawar. Wadda ta taɓa ƙashin bayan cinikin, kamar ƙin kawo kaya gaba ɗaya ko kawo dawa a madadin masara, tana ba ka damar warware cinikin ka kuma nemi diyya. Ƙarama, kamar buhunan da suka zo a yage amma hatsin lafiya lau, diyya kawai take jawowa, ciniki yana nan daram. A sayen kaya tsakanin 'yan kasuwa, kotuna kan ɗauki ranar kawo kaya da muhimmanci sosai, amma jinkirin biyan kuɗi ba ya warware ciniki sai an rubuta hakan.

Gargaɗi: idan ka soke ciniki a kan ƙaramin kuskure, kai ne ka zama mai karya yarjejeniya, kuma kai za a nemi diyya a wurinka. Mutane da yawa a nan suke zubar da haƙƙinsu, da saƙon fushi guda ɗaya na “mun fasa”.

Mataki na 2: Killace hujjoji a ranar

Rasit na kafin alƙalami, takardar shaidar tura kuɗi daga banki, saƙonnin WhatsApp, sunan dillalin da aka yi cinikin a gabansa. Kada ka goge komai, kada ka sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta, amma sai an cika sharuɗɗansa, kuma galibi ana haɗawa da takardar da ke bayanin na'urar da yadda aka ciro saƙon. Lauyanka zai shirya ta, kai dai ka ajiye asalin.

Hujjar da kusan kowa ke mantawa da ita ita ce farashin kasuwa na ranar da ya kamata a kawo kayan. Bayan shekara biyu a gaban alƙali, ba wanda zai tuna nawa aka sayar da buhu ranar 15 ga Janairu. Ka je kasuwa a ranar ko washegari, ka karɓi farashi a rubuce daga 'yan kasuwa biyu ko uku, da kwanan wata da sa hannu, kuma ka zaɓi waɗanda za su yarda su zo su ba da shaida.

Mataki na 3: Wasiƙar neman haƙƙi

Gajeriya ake yi. Ka ambaci ranar cinikin, abin da aka yi alkawari, abin da bai faru ba, da wa'adin da ka bayar, misali kwana uku ga kayan da farashinsu ke motsi kullum. Ka rubuta a fili cewa idan wa'adin ya wuce za ka saya a kasuwa ka nemi bambancin, kuma ba ka yafe ko ɗaya daga haƙƙoƙinka ba. A kai masa hannu da hannu ya sa hannu a kwafi, ko ta kamfanin aika saƙo mai ba da shaidar isarwa.

Wani lokaci mutum yakan faɗa tun kafin rana ta zo cewa ba zai kawo ba. A nan kana da zaɓi: ka karɓi janyewar tasa ka ɗauki cinikin ya mutu nan take, ko ka ce kana nan kana jira har ranar. Idan ka karɓa, nauyin rage asara ya hau kanka daga wannan lokaci. Idan ka jira, cinikin yana raye a kanku duka, dole kuɗinka su kasance a shirye. Shawarata a kasuwar da farashi ke hawa ita ce ka karɓa a rubuce ka nemi kaya a wani wuri.

Mataki na 4: Rage asararka, kada ka zauna jira

Doka ba ta biyan asarar da kai da kanka za ka iya kauce mata ta hanyar da mai hankali zai bi. Ga yadda hakan ke aiki a misalinmu. Mai abincin kaji ya sayi buhu 500 a Dawanau ranar 16 ga Janairu a kan ₦52,000. Bambancin ₦7,000 ne a kowane buhu, wato ₦3,500,000. Da ya ce shi ba zai saya ba sai mai hatsi ya kawo, ya zauna har Maris farashi ya kai ₦60,000, sannan ya saya, aljihunsa zai yi asarar ₦7,500,000. Amma kotu za ta koma farashin ranar da aka saɓa ta ba shi ₦3,500,000 ɗin nan dai. Ragowar ₦4,000,000 shi ya jawo wa kansa. Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wadda Nijeriya ta gada kuma dokokin jihohi suka bi tsarinta, ta faɗi wannan a sashe na 51: inda akwai kasuwar da za a samu kayan, ma'aunin shi ne bambancin farashin ciniki da farashin kasuwa a lokacin da ya kamata a kawo.

Akwai ɓangaren da ya fi wuyar haɗiyewa. A ce tun kafin ka saya a kasuwa mai hatsin ya dawo ya ce: “Alhaji, ina da buhu 200 a ƙasa, ka ɗauka a ₦48,000.” Zuciya za ta ce ba ka sake ciniki da wanda ya ci amanarka. Amma tun a shari'ar Payzu da Saunders ta 1919 a Ingila aka yanke cewa a harkar kasuwanci, ƙin karɓar tayi mai ma'ana, ko da daga wanda ya saɓa ne, yana iya zama gazawa wajen rage asara. Yi lissafin: buhu 200 da ƙarin ₦3,000 ya ba da ₦600,000, sauran 300 da ƙarin ₦7,000 ya ba da ₦2,100,000. Jimilla ₦2,700,000. Idan ka ƙi tayin ba tare da dalili mai ƙarfi ba, lauyansa zai nemi a tsayar da diyyar a nan, ₦800,000 ta tafi.

Gargaɗi: idan za ka karɓi irin wannan tayi, ka rubuta masa cewa ka karɓa ne don rage asara, haƙƙinka na neman bambanci yana nan. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce “mun sasanta, babu sauran magana”. Tayin da aka ɗaura wa sharaɗin ka yafe haƙƙinka ba dole ba ne ka karɓa.

Abubuwa biyu na ba ka sauƙi. Ba a neman ka yi abin da ya fi ƙarfinka ko ka jefa dukiyarka cikin haɗari, abin da ɗan kasuwa mai lura zai yi kawai ake nema. Kuma wanda ya saɓa ne zai tabbatar wa kotu cewa ka yi sakaci. Kuɗin da ka kashe a ƙoƙarin rage asarar ma ana mayar maka, in dai sun dace.

Idan kai ne mai sayarwa aka ƙi ɗaukar kayanka, ƙa'idar ɗaya ce a juye: ka sayar a kasuwa da wuri, ka riƙe rasit, ka nemi abin da ya ragu daga farashin ciniki. Mai tumatir ko albasa da ya bar kaya suka ruɓe yana jiran mai saye ba zai samu kuɗin duka lodin ba.

Mataki na 5: Lissafa abin da za ka nema

Manufar diyya ita ce a sa ka a matsayin da za ka kasance da an cika alkawari, gwargwadon yadda kuɗi za su iya. Wannan ita ake kira diyyar abin da ka sa rai da shi. Ba horo ake yi wa mai saɓawa ba, don haka ko da ya saɓa ne da gangan saboda ya samu mai saye da tsada, asararka ake aunawa.

Ga lissafin mai abincin kaji, idan babu wancan tayin na buhu 200. Kafin alƙalaminsa ₦5,000,000 zai dawo, tunda bai samu ko buhu ɗaya ba. Bambancin farashi ₦3,500,000. Cinikin farko ya haɗa da saukewa a ƙofarsa, yanzu kuwa ya biya mota da 'yan dako ₦600 a kan kowane buhu, wato ₦300,000. Jimilla ₦8,800,000. Duba: ya kashe ₦26,000,000 a kan masara, da ₦300,000 na mota, da ₦5,000,000 da ke hannun mai hatsi, duka ₦31,300,000. Cire ₦8,800,000, saura ₦22,500,000, daidai abin da ya yi niyyar kashewa tun farko. Duk lissafin da ya bar ka da fiye da abin da cinikin zai ba ka, akwai abin da ka ƙirga sau biyu.

Da farashi sauka ya yi zuwa ₦43,000, ba shi da asarar ciniki. Kafin alƙalaminsa zai karɓa, da wata 'yar diyya ta jeka-na-yi-ka da ke nuna dai an saɓa masa.

Yanzu ga inda buƙatu masu yawa ke faɗuwa. A ce mai abincin kaji yana da wata kwangila da wata babbar gona, wadda ta ci shi tarar ₦2,000,000 saboda ya makara. Shin mai hatsi zai biya? Ƙa'idar ta fito daga shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854, kuma kotunan Nijeriya suna aiki da ita har yau. Iri biyu na asara ake biya: wadda kowa ya san takan biyo bayan irin wannan saɓawa, da wadda ɓangarorin biyu suka san tana iya faruwa a lokacin da ake ƙulla cinikin. Idan ba a gaya wa mai hatsi labarin kwangilar gonar da tararta ba a ranar ciniki, ba zai ɗauki nauyinta ba. Gaya masa bayan an saɓa ba ya amfani. Saboda haka duk lokacin da kayan da kake saye suke ɗaure da wata kwangila, ka sa layi ɗaya a takardar ciniki da ke faɗin haka.

Ɓacin rai, kunyar da ka sha a kasuwa, da hawan jinin da abin ya jawo, ba a biyansu a cinikin kasuwanci. Kuɗin da ka biya lauya ma kada ka sa rai za su dawo duka, domin kuɗin ɗawainiyar shari'a da kotu ke yankewa yawanci ba sa kaiwa.

Gargaɗi: duk asarar da ke da adadi, kamar kuɗin mota ko bambancin farashi, sai an zayyana ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, an kuma kawo hujjarta. Rubuta “ina neman ₦50,000,000” a dunƙule ba ya kai mutum ko'ina.

Idan yarjejeniyarku ta riga ta yanke adadi, misali ₦50,000 a kan kowace ranar jinkiri, kotu za ta bi shi matuƙar ƙiyasi ne na gaskiya na asarar da ake tsammani. Idan kuwa adadin ya yi wa kowace irin asara nisa, an sa shi ne don tsoratarwa, za a ajiye shi a koma ga asarar da ka tabbatar.

Mataki na 6: Lokacin da kotu ke tilasta cikawa

Mai abincin kaji ba zai samu umarnin a tilasta wa mai hatsi kawo masara ba. Masara tana ko'ina, kuɗi sun isa su gyara ɓarnar. Tilasta cikawa ana ba da shi ne kawai inda diyya ba za ta wadatar ba, kuma ganin damar alƙali ne bisa ƙa'idojin adalci, ko da ka tabbatar an saɓa maka.

Fili da gida su ne babban wurinsa, domin doka na ɗaukar kowane fili ba shi da tagwai. Ɗauki wanda ya yi cinikin fuloti ₦12,000,000, ya biya ₦8,000,000, saura ₦4,000,000 a ƙarshen wata. Kafin lokacin wani ya taya ₦18,000,000, mai fili ya ce a zo a karɓi kuɗi, ya fasa. Ga abin da alƙali zai duba.

Na farko, akwai cikakkiyar yarjejeniya? Su waye, wane fili, nawa. Cinikin fili yana buƙatar rubutu mai sa hannun wanda ake ƙara, kuma rasit ma yana iya isa idan ya faɗi waɗannan. Idan babu rubutu, abin da kan ceci mai saye shi ne ya nuna an fara aiwatar da cinikin a zahiri, kamar an damƙa masa filin ya kewaye shi da sanin mai shi. Cinikin da aka yi bisa al'ada yana da nasa sharuɗɗan: biyan kuɗi, shaidu, da miƙa filin a gabansu.

Na biyu, kai ka cika naka, ko kana shirye? Wannan ne ya fi kayar da masu saye. Ka kai cikon ₦4,000,000 kafin wa'adi ta hanyar da ke barin shaida, kamar takardar kuɗi ta banki tare da wasiƙa. Idan ya ƙi karɓa, ka ajiye kuɗin a asusu kada ka taɓa. Wanda wa'adi ya wuce bai kawo ciko ba, da wuya kotu ta tilasta a ba shi fili.

Na uku, ka yi sauri, kuma hannunka a wanke yake? Wanda ya yi shiru shekara uku sai da unguwa ta yi tsada sannan ya taso, ko wanda ya yaudari tsoho a kan darajar filinsa, alƙali na iya hana shi ko da takardunsa sun cika.

Gargaɗi: kada ka karɓi ₦8,000,000 ɗin da aka mayar maka idan filin kake so. Karɓa na nuna ka yarda ciniki ya warware. Idan turo su aka yi asusunka ba da yawunka ba, ka rubuta a ranar cewa ba ka amince ba, ka mayar.

Na huɗu, filin yana hannunsa har yanzu? Idan ya riga ya sayar wa wani da ya biya da zuciya ɗaya, bai san da cinikinka ba, kuma ya kammala takardunsa, to galibi sai diyya: ₦8,000,000 ɗinka da bambancin ₦6,000,000, idan ka tabbatar darajar filin ta kai ₦18,000,000. Don haka ranar da ka shigar da ƙara, lauyanka ya nemi umarnin wucin gadi na hana sayarwa ko gini, ya kuma sanar da ofishin rajistar filaye na jihar. Kotu za ta sa ka ɗauki alkawarin biyan asarar ɗaya ɓangaren idan daga baya aka ga bai kamata a ba da umarnin ba. Ka kuma tuna cewa sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta amincewar gwamna kafin a mayar da haƙƙin mallakar da ke ƙarƙashinsa zuwa wani, don haka a roƙi kotu ta umarci mai fili ya sa hannu a takardun neman amincewar. A takardar ƙara kullum a nemi tilasta cikawa, sannan a sa diyya a matsayin madadi.

Bayan fili, akan samu wannan umarni a kan kaya takamaimai da ba a samun irinsu a kasuwa, kamar wani injin da aka ƙera don masana'antarka kaɗai. Ba a samunsa a kan aikin da ya dogara da mutum da kansa: kotu ba ta tilasta wa tela ko direba ya yi maka aiki, ba ta kuma saba tilasta wa ɗan kasuwa ya riƙe ma'aikacin da ba ya so, ban da ma'aikatan da doka ce ta tsara yadda ake sallamarsu. Haka kuma tana gudun umarnin da zai sa ta zama mai gadin aiki kullum, kamar doguwar kwangilar gini da ba a fayyace ba.

Mataki na 7: Inda za ka kai, da kuɗin da zai ci

Duba yarjejeniyar ko ta ce sai an je gaban mai sasanci mai yanke hukunci. Idan ta ce haka, Dokar Sasanci ta 2023 ta ba ɗaya ɓangaren damar neman kotu ta dakatar da ƙararka. Idan babu, fara da shugabannin kasuwa ko cibiyar sulhu ta kotu, irin wadda ke Kano da Legas da Abuja, kuma duk abin da aka cimma a rubuta a sa hannu. Bashi mai adadi sananne, kamar dawo da kafin alƙalami, yana iya shiga kotun ƙananan basussuka idan bai wuce iyakar kuɗin da jihar ta sa ba. Maganar fili mai takardar gwamna kuwa Babbar Kotun Jiha ce.

Kuɗin da za ka tanada sun haɗa da na shigar da ƙara, wanda kan ƙaru da girman abin da kake nema, na kai sammaci, na ƙwararren da zai ƙiyasta darajar fili, da na lauya, wanda ya kamata ku rubuta tun farko. Kada ka kai maganar ofishin 'yan sanda don a matsa masa. Saɓa ciniki ba laifin da ake tsare mutum ba ne in babu zamba, kuma kotuna sun sha cin waɗanda suka sa aka tsare abokin cinikinsu tarar take haƙƙi.

Akwai wa'adi: shekara 6 ne a Legas da Abuja ga yarjejeniya ta yau da kullum, wasu jihohi 5, kuma daga ranar da aka saɓa ake ƙirgawa. Zaryar sulhu da kuke yi tsakaninku kawai, ba a gaban mai shiga tsakani bisa doka ba, ba ta tsayar da wannan ƙirge.

Tun kafin ka biya kuɗin ƙara, ka binciki abin da mutumin ya mallaka. Bayan hukunci, hanyoyin karɓa su ne kotu ta umarci bankinsa ya biya ka daga asusunsa, ko ma'aikatanta su kama kayansa a yi gwanjo. Sunan bankin da ka tura wa kafin alƙalami yana kan takardar shaidar da ka ajiye a mataki na biyu, kuma daga nan lauyanka zai fara.